Wasiƙar gyara da na rubuta sau biyu

Ranar wata Talata da la'asar, a farkon Satumba, daftarin ya shigo wayata, PDF mai shafi biyu. Kamfaninmu a Yamai yake, muna sayar da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma ni ke riƙe da sashen talla, sashen da in ka cire ni da wani yaro mai koyon aiki babu kowa a cikinsa. Shi ya sa aikin zane da tsara rubutu jinga muke ba da shi. Wannan karon wata malama ce a Tawa muka ba. Tana zaman kanta, tana zane, tana kuma rubuta Hausa da kyau, ta san manoman albasa na Galmi da Madawa da Ƙonni fiye da ni. Aikin shi ne takardar talla mai ninki uku, wadda a biro muke ce wa defiliyan, takardar A4 guda gaba da baya, da Hausa zalla. Mun yi jinga a kan jika 150, wato sefa 150,000, na ba ta rabi tun farko, kuma a rubuce muka amince cewa gyara zagaye biyu yana cikin kuɗin. Muna son kwafi 5,000 su isa hannun wakilanmu kafin a fara zuba irin albasa, don manomi tun lokacin yake lissafin abin da zai kashe a ban ruwa har zuwa cira.

Da na buɗe daftarin a waya sai ya burge ni. Na tura wa maigida, na tura wa injiniyanmu, da mai kula da kuɗi, da wakilinmu na Ƙonni. Kafin isha'i kowa ya amsa. Maigida ya ce a cire farashi, a ƙara girman tambarin kamfani. Wakilin Ƙonni ya ce a ƙara girman farashin, don shi ne abin da ake fara tambayarsa. Injiniya ya ce adadin ruwan da aka rubuta ba daidai ba ne, bai faɗi wanda yake daidai ba. Mai kula da kuɗi ta ce koren ya yi yawa. Ni kuma, da gajiya da son in ga na sallami aikin, na kwashe saƙonnin muryar nan duka yadda suke, bokal bakwai, na tura wa malamar, na ƙara da nawa: "Malama, ga gyare-gyare nan, a duba, a ɗan ƙara masa armashi."

Da safe na tarar da amsarta. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta ce: "Malam, na saurara duka. Ɗaya ya ce a cire farashi, ɗaya ya ce a ƙara masa girma. Wanne zan bi? Kuma wannan shi ne zagaye na farko, ko kuwa ana nan tafe da wani?" Ba ta ƙara ko kalma ba. Na ji kunya, don gardamar cikin gidanmu na ɗora mata, ita da ba ta da ikon raba maigida da wakilinsa. Da ta zaɓi ɗaya ta yi aikin, wanda aka ƙi bin maganarsa zai ce ba ta iya ba, zagaye ɗaya kuma ya tafi a banza. Na ce ta ajiye aikin, kada ta taɓa komai, ta ba ni kwana biyu, kuma saƙonnin jiya ba sa cikin lissafi.

Abin da na fara yi shi ne abin da ya kamata in yi tun ranar Talata: na buga daftarin a na'urar biro, gaba da baya, na ninke shi da hannu. Nan take ya nuna aibinsa. Malamar ta raba tsawon takardar, milimita 297, gida uku daidai, kowace fuska 99. A allo babu laifi. Amma irin wannan ninkin, fuska ɗaya tana shiga ciki ne sauran biyun su rufe ta, don haka dole ta fi su ƙanƙanta, in ba haka ba bakinta ya tokare ƙugun ninkin, takardar ta kumbura ta ƙi kwanciya. Mai maɗaba'ar da muke aiki da shi 100 da 100 da 97 yake so. In ya ninke a ma'auninsa alhali an tsara a 99, layin ninkin zai kauce daga inda aka zana shi, launin wata fuska ya leƙo cikin wata. Na ɗauki biro na rubuta wa fuskokin lamba: bango 1, na ciki uku 2 da 3 da 4, mai shiga ciki 5, baya 6. Na ɗauki hotonsa. Wannan hoton ya rage mana surutu da yawa daga baya, don "shafi na biyu" a takarda mai ninki uku kowa da abin da yake nufi.

Ninkewar ta nuna mini wani abu kuma. In mutum ya buɗe bango, ba fuska ta 3 yake gani ba. Ta 2 yake gani a hagu, ta 5 a dama. Ita ta 5 ɗin nan, wadda a allo take can gefe kamar saura, ita ce wuri mafi tsada bayan bango, ga shi an cika ta da tarihin kamfani. Ni na aika mata da tarihin, na kuma ce a sa shi.

Daga nan na sauka wurin maigadinmu. Mutumin Keita ne, ya yi noman rani shekaru kafin ya zo Yamai, yana karanta boko a hankali. Na miƙa masa takardar ban ce komai ba, na zauna a bencinsa ina kallon inda idonsa ke tsayawa. Ya wuce bango, ya wuce tarihin kamfani ko kallo bai yi ba, ya tsaya a kan farashi. An rubuta "Biyan farko: dubu 90". Ya ɗago ya ce: "Yallaɓai, to ai kuɗin ke nan duka. Ina saukin?" Sai da na yi shiru kafin na gane. Mu nan da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa ɗari, jika ɗaya sefa dubu. Wanda ya saba da haka, in ya ga "dubu 90" babu wani bayani, yana iya ɗaukarsa dala dubu casa'in, wato jika 450. Injin ɗin kuwa da faifansa na sola jika 450 ne cif, biyan farko kashi ɗaya cikin biyar. Takardar da aka yi don ta ce wa manomi zai iya biya kaɗan-kaɗan, ga ta tana gaya masa ya kawo kuɗin gaba ɗaya. Da na zauna ni kaɗai shekara ina karanta ta ba zan gani ba, don ni a biro da sefa nake lissafi.

Sai injiniya. Na same shi a sito na ce ya faɗa mini adadin da zai iya tsayawa a kansa gaban manomi. A daftarin an rubuta "lita 30,000 kowace rana". Ya ce gaskiya ne, amma in ruwan yana mita biyar kuma rana ta buɗe tun safe. A mita goma injin lita 20,000 yake bayarwa, a mita goma sha biyar wajen 12,000, ranar da hazo ya rufe kuma ya ragu. Malamar ba ƙirƙira ta yi ba, daga takardar masana'anta ta ɗauko, wadda ni na tura mata, kuma babban adadin ne a samanta. Amma mai rijiya mai zurfi da ya saya saboda 30,000 ya sami ƙasa da rabi, ba zai ce bai karanta da kyau ba. Zai ce mun cuce shi, kuma a garin da kowa ya san gonar kowa, magana ɗaya ta isa.

Maigida ne ya fi wuya. Dalilinsa na ƙin farashi ba na banza ba ne. Tun 2023 kayanmu ba su biyowa ta Kwatano, ta Lome suke zagayowa su ratso Burkina Faso, kuɗin sufuri ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba ya so a buga kwafi 5,000 da farashin da zai mutu cikin wata biyu. Wakilin Ƙonni shi ma yana da gaskiya: tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, man da ake tsallakowa da shi ya yi tsada, manoma sun fara sauraron maganar sola, amma tambayarsu ta farko "nawa ne?" Muka tsaya a tsakiya. Za a bar farin gurbi a fuska ta 5, a buga farashin a ƙananan takardu masu mannewa, in ya canza a sake su kawai. Maganar tambari kuma na roƙe shi ya bari, na nuna masa a takardar da na ninke cewa in aka ƙara shi sai an matse hoton bango. Ya ce to, ba da son ransa ba. Koren da mai kula da kuɗi ta ce ya yi yawa, launin kamfani ne, ban ma kai maganar gaba ba.

Daren Alhamis na zauna rubutu. Wasiƙun aiki da Faransanci na saba yin su, amma wannan da Hausa na yi, don gyaran jimlar Hausa da wani harshe wahala ce kawai. Ta imel na aika, don ya zama akwai abu guda da za mu koma gare shi in an sami saɓani. Ga ta, na cire sunaye da lambobi:

"Malama, assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya mutanen gida.

Na gode da daftarin, na kuma ba ki haƙuri a kan saƙonnin ranar Talata. Ki share su. Wannan wasiƙar ita ce gyaran zagaye na farko, ita kaɗai, kuma na riga na daidaita da maigida da injiniya a kan duk abin da ke cikinta. In wani daga wurinmu ya kira ki da wani gyara, ki turo shi gare ni. Na haɗa da hoton takardar a ninke, da lamba a kowace fuska, da waɗannan lambobin zan yi magana.

Da farko abin da ba na so a taɓa: tsarin bango, launuka, girman tambari, da zanen fuska ta 2 mai nuna yadda ruwa ke tasowa daga rijiya zuwa fangali. Wannan zanen ya fi duk bayanin da muka taɓa bugawa. Maigadinmu, tsohon mai noman rani, ya gane shi ba tare da ya karanta rubutun ƙasansa ba.

Gyara na ɗaya, fuska ta 3, adadin ruwa. A cire 'lita 30,000 kowace rana'. Adadin na rijiya mai mita 5 ne kawai, kuma yawancin masu sayenmu rijiyoyinsu sun fi haka. A maimakonsa a sa ɗan jadawali mai layi uku: mita 5, tano 150, mita 10, tano 100, mita 15, tano 60. A ƙasansa a rubuta: 'Tano ɗaya lita 200. Wannan lissafin ranar da rana ta buɗe ne. Ranar hazo ruwa yana raguwa.' Na zaɓi tano don shi manomi ke iya gani a idonsa. Laifin nan namu ne, takardar da na ba ki ba ta bayyana ba.

Na biyu, farashi. A ɗauke shi daga fuska ta 4 a kai shi ta 5, a cire tarihin kamfani gaba ɗaya. A bar farin gurbi mai faɗin santimita 7 da tsayin 3, a samansa a rubuta 'Farashin yau'. Za mu manna farashin daga baya. Ki tsara mana ita ƴar takardar mannawar daban, kuma kowane kuɗi a rubuta shi iri biyu, kamar haka: 'Biyan farko: jika 90 (90 000 F)'. Kalmar 'dubu' kada ta fito kusa da kuɗi ko'ina, saboda mai ƙirga da dala zai ninka ta sau biyar.

Na uku, haruffa masu lanƙwasa. A manyan kanun, ƙ da ɗ da ɓ sun koma k da d da b: bango yana cewa 'ruwa daga kasa'. A cikin rubutun kuma suna nan, amma sun fi maƙwabtansu siranta, alamar nau'in rubutun da kika zaɓa ba shi da su, na'ura ta aro daga wani. Ki canza zuwa wanda yake da su duka, manya da ƙanana, kamar Andika ko Noto Sans, zaɓi naki ne. A kuma bi rubutun Nijar a sa ƴ: akwai wuri biyu a fuska ta 4 da aka rubuta 'yan.

Na huɗu, hoton da ya ratsa fuska ta 3 da ta 4. Faɗinsa pixel 800 ne, an shimfiɗa shi a kusan santimita 20, wato bai wuce 100 dpi da kaɗan ba, maɗaba'a kuma 300 take so. Zai fito dishi-dishi. Mu muka turo miki shi ta WhatsApp ya matse. Wakilinmu zai aiko miki da na asali gobe a matsayin Document. In bai kai pixel 2,400 ba, ki mayar da shi fuska ɗaya.

Na biyar, ma'aunin maɗaba'a. Ciki, daga hagu: 100, 100, 97. Waje, daga hagu: 97, 100, 100. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, launi CMJN. A fuska ta 6, lambar waya ta biyu ta wakilin da ya bar aiki ce, ga sabuwa a ƙasa. A kuma rage rubutu a fuska ta 4, ya yi yawa.

Akwai abu ɗaya da ra'ayina ne kawai, ba dole ba: ina ganin kan fuska ta 2 zai fi daɗi in ya zama tambaya. In kin ga ba haka ba, ki bar shi.

Maganar kuɗi: jadawalin da takardar mannawa ba su cikin jingarmu ta farko. Na sa musu jika 25 a kan abin da muka yi, in bai yi miki ba ki faɗa kafin ki fara. Sauran gyaran yana cikin zagaye na farko. Muna so mu gani ranar Laraba, don maɗaba'a ta ba mu Litinin ta sama. In ranar ba za ta yiwu ba, ki gaya mini gobe.

Na gode, Allah ya ƙara basira. A gaida gida."

Kusan awa uku ta ci ni, kuma yawancin lokacin a kan dalilai ya tafi. Na so in rubuta umarni kawai, a cire wannan, a sa wancan, ya fi sauri. Abin da ya hana ni shi ne na san ba zan iya hango kowane wuri ba. Ga misali: ban lura ba ashe "dubu" ta sake fitowa a fuska ta 6, a maganar kuɗin kafawa. Da na ce mata kawai ta gyara layin biyan farko, da ta gyara shi ta bar wancan. Da yake ta san dalilin, ita ta gano shi ta gyara, ta kuma sanar da ni. Haka maganar tano: ta ƙara ɗan zanen tano a gefen jadawalin, abin da ban nema ba, don ta fahimci cewa wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba muke nufi.

Sakin layin "abin da ba na so a taɓa" kuwa, ba don in sanyaya mata rai na sa shi ba, ko da yake ya yi hakan. Na taɓa ba wani mai zane gyara goma ban gaya masa abin da ya yi daidai ba, ya ɗauka duka aikin ne bai yi ba, ya dawo mini da sabon abu gaba ɗaya, garin gyaran gira muka rasa ido. Mai jinga da ke nesa ba ya ganin fuskarka lokacin da kake duba aikinsa. Abin da ka rubuta shi ne kawai yake da shi.

Na daɗe a kan kalmar "laifin namu ne". Maigida da ya ga kwafin wasiƙar ya ce me ya sa nake ba da kai haka, ai mu ke biya. Amma lissafi ne. Cikin manyan gyare-gyaren, adadin ruwa da hoto da tarihin kamfani da tsohuwar lamba duk daga kayan da na aika mata suka fito. Nata su ne haruffa da ma'aunin ninki, sai kalmar "dubu" da za a iya cewa mun raba. In na haɗa su duka a matsayin kurakuranta, ita ta san ba haka ba ne, kuma ranar da na zo da gyaran da yake nata na gaske za ta saurare shi da kunnen wanda aka taɓa zalunta. Jika 25 ɗin ma haka. Da ban ambata ba wataƙila ba za ta tambaya ba, yawancin masu jinga a nan kunya take hana su, sai dai aiki na gaba ka kira a ce maka ana da uzuri.

Ranar Juma'a ta amsa. Ta yarda da kuɗin da ranar. Ta ƙi shawarata ta mayar da kan fuska ta 2 tambaya, ta ce a Adar in ka fara wa dattijo da tambaya a takarda kamar kana gwada shi ne, gara a faɗa masa abu kai tsaye. Na bar mata. Ta kuma kawo wadda ban yi tunani ba: manoma da gaba suke auna zurfin rijiya, ba da mita ba, ko a sa gaba a jadawalin? Na kai wa injiniya. Ya ce gaban wani ya fi na wani, kuma shi abin da ke damunsa daga saman ruwa zuwa inda ake zuba shi ne, ba zurfin ramin ba. Muka bar mita, aka ƙara layi guda: "Wakilinmu zai zo ya auna rijiyarka kyauta kafin ka saya." Wannan layin, in ka tambaye ni, ya fi jadawalin kansa amfani, kuma daga tambayarta ya fito.

Laraba daftari na biyu ya zo. Na buga, na ninke, ya kwanta lafiya lau. Haruffa sun daidaita. Hoton asali pixel 4,000 ne, ya fito har ana ganin jijiyar ganyen albasa. Sai na kai fuska ta 4 na ga babu maganar garanti. Shekara biyu muke bayarwa a kan injin, kuma wakilanmu sun ce bayan farashi ita ce tambaya ta biyu. Na koma wasiƙata ina neman inda na ce a cire ta. Ga shi nan a ƙarshen gyara na biyar, jimlar da na jefa ina gyangyaɗi: "A kuma rage rubutu a fuska ta 4, ya yi yawa." Ita kaɗai ce a duk wasiƙar ba ta faɗi wane layi ba, ba ta faɗi dalili ba. Malamar ta duba fuskar, ta ga sakin layi huɗu, ta cire wanda ya fi tsawo. Ba ta da hanyar sanin cewa shi ne wanda ba a taɓawa.

Wasiƙar zagaye na biyu layi shida ce. Na ce a mayar da garanti da wannan lafazin: "Garanti shekara 2 a kan injin. In ya lalace, kira wakilinmu." A cire sakin layi na biyu, mai maganar kare muhalli, don ba shi ke sa mai albasa ya sayi inji ba. A gyara "rijya" ta koma "rijiya" a fuska ta 3. Na ce rashin bayanin daga gare ni ne. Kafin magariba ta dawo da shi.

Ranar Litinin na je maɗaba'a da kaina. Suka fitar da gwaji guda a kan takardar da za a yi aikin da ita, mai nauyin giram 135, marar sheƙi, don mai sheƙi tana ɗaukar ido a rana kuma biro ba ya kama ta in wakili zai rubuta wani abu a kai. Koren ya ɗan dushe idan aka gwada da na allo, haka launin bugu yake, na riga na gaya wa maigida kada ya yi mamaki. Na kira lambobin wayar biyu da ke fuska ta 6 ɗaya bayan ɗaya ina tsaye a wurin, kowace ta shiga hannun wanda ya kamata. Na ɗauki hoton gwajin na tura wa malamar ta duba haruffan da idonta, ta ce babu saura. Sannan na sa hannu a takardar da suke kira BAT, wadda bayan ita duk kuskuren da ya fito naka ne, ba na maɗaba'a ba. A ranar na tura mata cikon kuɗinta, jika 100, ita kuma ta aiko da asalin fayil ɗin aikin kamar yadda muka yi da ita.

Kwalaye biyar muka sa a motar Tawa, aka sauke biyu a Ƙonni. A watan Disamba farashin ya tashi zuwa jika 480. Muka sake buga ƴan takardun mannawa, yaron sashenmu da maigadi suka zauna a bencin ƙofa da sauran kwafi 1,800 suna manna sabo a kan tsoho.